Adireshi 0x2B74 ya ƙi wucewa tebur na farko, ina matsalar take?

Hauwa: Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya kama aikin lab na teburin shafuka mai hawa biyu ya duba min wannan. Takardar ta ce adireshin da manhaja ke gani bit 16 ne, ainihin adireshin memori ma bit 16. Kowane shafi bayit 64 ne. Kowane gurbi a tebur bayit 2 ne, kuma kowane tebur yana cika shafi ɗaya daidai. A cikin gurbi, bit 15 shi ne `V` mai nuna gurbin yana aiki, bit 14 shi ne `W` na izinin rubutu, bit 0 zuwa 9 lambar firam. An rubuta `little-endian` a ƙasa, kuma `PDBR`, wanda ke faɗin inda tebur na sama yake, yana nuna firam `0x12`. Ga layuka biyu daga abin da aka ba mu:

```
0x480: 00 00 31 80 00 00 00 00 1C 80 27 80 00 00 00 00
0x9D0: 00 00 00 00 0A 81 00 00 45 81 46 C1 00 00 B3 40
```

An ce a fassara `0x2B74`, karatu ne. Ni `page fault` nake samu tun a tebur na sama, amma ƙawata ta ce akwai amsa.

Sadiq: Wa alaikumus salam. Ai wannan rabon sananne ne: bit 10 na tebur na sama, bit 10 na tebur na ƙasa, bit 12 na `offset`. Ki ɗauki haruffa uku na ƙarshe, `B74`, su ne `offset` ɗinki. Sai ki ci gaba daga nan.

Zulai: Sadiq, ka sake karanta tambayar. Rabon da ka kawo na x86 mai bit 32 ne, inda shafi yake bayit 4096. Nan bit 16 ne gaba ɗaya, ina za ka samo 32 da za ka raba? Ni abin da nake yi shi ne in bi haruffan heks ɗin: `2` na tebur na sama, `B` na tebur na ƙasa, `74` kuma `offset`. Ya fi sauri.

Malam Bashir: Zulai ta yi daidai da ta ce a ajiye rabon x86, amma yankan haruffan ba zai yi a nan ba. Harafin heks ɗaya bit 4 ne, to yana aiki ne kawai idan kowane yanki ya faɗo a kan huɗu-huɗu. Rabon ba a haddace shi, daga takardar ake fito da shi. Shafi bayit 64 ne, 64 kuwa 2 ce sau shida a jere, don haka ana buƙatar bit 6 don nuna bayit ɗaya a cikin shafi. Tebur shafi ɗaya ne, gurbi bayit 2, wato gurbi 32 a kowane tebur, kuma 32 na buƙatar bit 5. Saura nawa? 16 a cire 6 a cire 5, saura 5 na tebur na sama, wanda shi ma gurbi 32 ne. To rabon 5, 5, 6 ne, kuma babu ɗaya cikinsu da ya zauna a kan iyakar harafi.

Zulai, ga abin da zai nuna miki nan take cewa yankanki ya kauce: `0x74` 116 ne. Shafi mai bayit 64 ba shi da bayit na 116.

Hauwa, kawo mana aikinki layi-layi, kada ki tsallake komai ko da kina ganin ƙarami ne.

Hauwa: To Malam. Rabon 5, 5, 6 ɗin na yi amfani da shi. Na mayar da shi bainari na yanka haka:

```
0x2B74 = 0010 1011 0111 0100
       = 00101 | 01101 | 110100
       =   5   |  13   |  0x34
```

Firam `0x12` sau 64 ya ba ni `0x480`. Na ƙara 5, na samu `0x485`. A nan na tarar da `00 00`, `V` sifili. Shi ya sa na tsaya.

Malam Bashir: Yankan daidai ne, `0x480` ma daidai ne. Inda aka rabu shi ne ƙara 5 ɗin. Wannan 5 lambar gurbi ce, tana cewa gurbi na biyar in an fara ƙirga daga sifili. `0x480` kuwa adireshin bayit ne. Ba a haɗa su sai an mayar da gurbin zuwa bayit. Kowane gurbi bayit 2 ne, to gurbi na 5 yana farawa bayan bayit 10, wato `0x480 + 0xA = 0x48A`.

Ki dubi inda `0x485` ya kai ki. Bayit na `0x485` rabin ƙarshe ne na gurbi na 2, na `0x486` kuma rabin farko ne na gurbi na 3. Kin haɗa rabin wannan da rabin wancan kin karanta su a matsayin gurbi ɗaya. Duka biyun sifili ne, shi ya sa abin ya yi kama da amsa mai kyau. Da a ce akwai lamba a wurin, da kin ci gaba da lissafi har ƙarshe ba tare da kin ji komai ba, kuma wannan ya fi muni.

Alamar da za ki riƙe: tebur yana farawa a farkon firam, gurbi bayit 2 ne, don haka adireshin kowane gurbi dole ya rabu da 2. Duk lokacin da kika ga ya ƙare da 1, 3, 5, 7, 9, B, D ko F, ki koma baya, an manta ninkawa.

Hauwa: Na je `0x48A`, na ga `27 80`. Amma `0x2780` a bainari yana farawa da `0010`, bit 15 sifili ne. Har yanzu a rufe yake kenan?

Nura: Nan ne kalmar da ke ƙasan takardar ta shigo. Bayit ɗin da ke ƙaramin adireshi shi ne ƙaramin ɓangaren lambar. `27` yana `0x48A`, `80` yana `0x48B`, don haka lambar ita ce `0x8027`. Ki juya bayit biyun, amma kada ki juya haruffan da ke cikin bayit ɗaya, `27` yana nan `27`.

Kuma ko ba a rubuta ba, layin da kansa yana faɗa. `31 80`, `1C 80`, `27 80`: duk gurbin da ke da wani abu a ciki, bayit ɗinsa na biyu `80` ne. Ba zai yiwu a ce duk tebura suna firam ɗin da ya ƙare da `80` kuma dukkansu a rufe ba. `80` ɗin nan `V` ne a kunne.

Hauwa: Na gane. `0x8027` shi ne `1000 0000 0010 0111`. `V` ɗaya ne, firam `0x27`. Yanzu 13 sau 2 ya zama 26, wato `0x1A`. In haɗa shi da `0x27`?

Malam Bashir: A'a, ki tsaya ki tambayi lambar: ke mece ce? `0x27` lambar firam ce, kamar yadda `0x12` ta kasance a farko. Abin da kika yi wa `0x12` shi za ki yi mata.

A wannan aikin lambobi iri uku ne ke yawo, kuma duk a heks ake rubuta su, shi ya sa ido ba ya bambanta su: lambar gurbi, lambar firam, da adireshin bayit. Memori adireshin bayit kaɗai ta sani. Lambar gurbi sai an ninka ta da girman gurbi, lambar firam sai an ninka ta da girman shafi, sannan a haɗa. Kamar mai kuɗi a aljihu biyu ne, ɗaya bandir-bandir ɗaya ƙwaya-ƙwaya, ba zai ce uku da bakwai goma ba sai ya warware bandir ɗin. Shawarata ga duk mai yin wannan da hannu, ya rubuta kalma ɗaya a gefen kowace lamba: gurbi, firam ko bayit. Yawancin amsoshin da nake gani sun karkace, a nan suke karkacewa.

Hauwa: To ga shi daga farko:

```
PDE: 0x12 * 64 + 5 * 2  = 0x48A -> 0x8027  V=1 PFN=0x27
PTE: 0x27 * 64 + 13 * 2 = 0x9DA -> 0xC146  V=1 W=1 PFN=0x146
PA : 0x146 * 64 + 0x34  = 0x5180 + 0x34 = 0x51B4
```

`0x9DA` ya faɗo cikin layi na biyu da aka ba mu, hankalina ya kwanta da wannan. A wurin `46 C1` na gani.

Zulai: Ina da ja a kan amsar. An koya mana cewa `offset` ba ya canzawa, yadda ya shiga haka yake fita. Ya shiga da `74` a ƙarshe, ya fita da `B4`. Wani abu ya taɓu.

Nura: Bai taɓu ba, Zulai. `74` shi ne `01 110100`, `B4` kuma `10 110100`. Bit shida na ƙarshe iri ɗaya ne. Bit biyun da suka bambanta ba na `offset` ba ne. A adireshin farko su ne wutsiyar 13, a na biyu su ne wutsiyar `0x146`. Harafi ɗaya ne yake ɗauke da bit biyu na nan da bit biyu na can. In kina son gwadawa da sauri ki yi `& 0x3F` a kan duka biyun, `0x34` za ki samu.

Zulai: Haka ne, na gwada. To dokar tana nan, idona ne ke neman ta a harafi.

Malam Bashir: Amsar Hauwa daidai ce, `0x51B4`. Akwai wuri ɗaya da ta wuce lafiya wanda nake so a tsaya a kai, domin mutane da yawa a nan suke zamewa. Da ta ga `46 C1`, ba ta ɗauki `0x46` kaɗai a matsayin firam ba. A tebur na sama firam ɗin `0x27` ne, ya shige cikin bayit ɗaya, sai hannu ya saba da cewa bayit na farko firam ne, na biyu tutoci. Amma firam bit 10 ne, bit biyu daga cikinsa suna cikin bayit na biyun. `C1` shi ne `1100 0001`: biyun farko `V` da `W`, biyun ƙarshe `01` kan lambar firam ne. Wanda ya yar da su zai samu firam `0x46`, amsarsa ta zama `0x11B4`. Adireshi ne da ke cikin memori, kuma bit shida na ƙarshe sun yi daidai, to gwajin Nura ba zai kama shi ba. Abin da ke kama shi kawai shi ne `& 0x3FF` a kan cikakkiyar lambar bayan an juya ta.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi na yankan farko. Tebur na ƙasa ɗaya yana riƙe da shafi 32 masu bayit 64, jimla bayit 2048, wato `0x800`. Don haka gurbi na 5 a sama shi ke da komai daga `0x2800` zuwa `0x2FFF`. `0x2B74` yana tsakani. Da yankan ya ba da 2, sai a duba a ga gurbi na 2 daga `0x1000` zuwa `0x17FF` yake, adireshinmu ba ya ciki.

Auwal: Ku yi haƙuri in shigo da nawa. A lab ɗinmu RISC-V muke yi, kuma abin da ya ɗaure min kai shi ne wannan: `0x48A` da `0x9DA` da kuka karanta, su ma ba sai an fassara su ba? Ai an ce in an kunna fassara duk adireshi sai ya bi ta tebur.

Malam Bashir: Adireshin da manhaja ta fitar shi ne yake bi ta tebur. Waɗanda mai tafiya cikin teburin yake ƙirƙira a hanya ainihin adireshin memori ne. `PDBR` firam na gaske yake nunawa, gurbin sama ma firam na gaske yake nunawa. Da za a fassara su, da fassarar ba ta da ƙarshe, domin kowace fassara za ta buƙaci wata. Sai dai a lura, babbar manhaja idan za ta gyara teburin da kanta, umarninta na yau da kullum take amfani da shi, kuma shi yana bi ta fassara. Saboda haka dole ta tanadi wani adireshi a nata ɓangaren da zai kai ta firam ɗin teburin.

Tunda kana kan RISC-V, ka kula da abu ɗaya: `satp` lambar shafi yake riƙewa, sai ka ninka da 4096, kamar `0x12` ɗin Hauwa. A x86 kuwa `CR3` da guraben suna ajiye firam ɗin a bit 20 na sama, to share bit 12 na ƙasa kawai ake yi, adireshin ya fito. A gurbin `Sv32` lambar shafin daga bit 10 take farawa, sai an tura dama da 10 sannan hagu da 12. Wanda ya saba da x86 ya share bit 12 kawai zai sauka a wani wuri dabam.

Auwal: Wannan na ƙarshen shi ne ya kama ni. Na gode, Malam. Kenan karatun bayit ɗaya ziyara uku ce zuwa memori?

Nura: Uku, in `TLB`, wato ma'ajin fassarorin da aka riga aka yi, bai riƙe fassarar ba: gurbin sama, gurbin ƙasa, sai bayanin kansa. In ya riƙe, ɗaya. Kuma abin da yake riƙewa na shafi ne gaba ɗaya, don haka daga `0x2B40` zuwa `0x2B7F` duk fassara ɗaya ce.

Hauwa: Akwai saura uku a takardar, na yi su, ku duba min. `0x1B74` ya ba ni gurbi na 3 a sama, `0x486`, sifili, na tsaya nan. `0x2B10` ya ba ni 5, 12, `0x10`, gurbin `0x8145`, amsa `0x5150` in karatu ne, amma `W` sifili ne, to rubutu ba zai wuce ba. Na ukun `0x2BC8` ne, 5, 15, 8. A `0x9DE` na samu `0x40B3`. `V` sifili ne amma ga firam `0xB3` a zaune, har da `W` a kunne. In lissafa ko in tsaya?

Sadiq: Ki lissafa mana. In ba a son a yi amfani da lambar me ya sa aka saka ta? Sauran guraben da ba sa aiki ai sifili ne duka.

Malam Bashir: Ki tsaya. An saka ta ne don a ga wa zai duba `V` kafin komai. Idan `V` sifili ne, furosesa ba ya karanta sauran a matsayin firam. A injin gaske ma haka ne: a x86 in bit ɗin `P` sifili ne, sauran wurin na babbar manhaja ne, kuma Linux yana ajiye bayanin inda shafin yake a `swap` a nan. To `0xB3` na iya zama kome, tsohuwar lamba ko alamar wuri a faifai. Amsarki ta faɗi hawan da aka tsaya: `0x1B74` a tebur na sama, bayan karatu ɗaya, `0x2BC8` a tebur na ƙasa, bayan karatu biyu. Sauran biyun da kika yi daidai ne.

Sadiq: To ni `segmentation fault` zan rubuta a duka biyun, shi muke gani a allo.

Nura: Wannan hukuncin babbar manhaja ne bayan furosesa ya miƙa mata. Tana iya ɗauko shafin daga faifai ta gyara gurbin a sake umarnin, manhajar ba ta ma san an yi ba. Tana iya ganin adireshin ba na manhajar ba ne ta kashe ta. Daga layuka biyun nan ba za ka iya sanin wanne ba ne.

Zulai: Ni yanzu wani abu na hango. Ku koma `0x8027`. Bit 14 ɗinsa sifili ne. Da a ce tambayar farko rubutu ce a `0x2B74`, gurbin ƙasa ya yarda, na sama bai yarda ba. Ni a ganina ba zai wuce ba, tunda ta sama aka bi aka zo.

Nura: Ni kuma ina ganin zai wuce. Duba duk guraben sama uku da muke gani, `0x8031`, `0x801C`, `0x8027`, babu mai `W`. In da ana duba shi a sama, babu shafi ko ɗaya a ƙarƙashinsu da za a iya rubutawa, kuma `W` ɗin `0xC146` ya zama ba shi da amfani. Wanda ya tsara aikin bai nufi haka ba.

Malam Bashir: Kowannenku yana da inji na gaske a bayansa. A x86, manhajar mai amfani ba ta rubutu sai bit ɗin `R/W` ya kasance ɗaya a hawa biyun, wannan shi ne maganar Zulai. A RISC-V gurbin da ke nuna tebur na gaba `R`, `W` da `X` ɗinsa duk sifili ne, da hakan ma ake gane cewa nuni ne zuwa tebur, izini kuma a gurbin ƙarshe kaɗai yake, wannan shi ne maganar Nura. Injin takardar Hauwa ba ɗaya ba ne cikin biyun, kuma abin da ta kawo mana bai faɗi dokar ba. Na fi karkata ga Nura saboda hujjar guraben uku, amma karkata ce.

Zulai: Guraba takwas kaɗai muka gani cikin 32, Malam. Mai yiwuwa a cikin sauran 24 akwai masu `C0`, kuma an bar waɗannan ukun a haka da gangan don a rufe yankin gaba ɗaya daga rubutu. Hauwa, akwai sauran layukan firam `0x12` a takardar?

Hauwa: Akwai `0x490`, `0x4A0` da `0x4B0`. Biyun farko sifili ne duka. Na ƙarshen ya ƙare da `08 80`, wato gurbi na 31, `0x8008`, shi ma babu `W`.

Nura: Gurbi na 31 shi ne ƙarshen adireshi, daga `0xF800` zuwa `0xFFFF`, inda irin waɗannan ayyukan suka saba ajiye `stack`. Shi kuwa dole a rubuta a cikinsa.

Zulai: Takardar ba ta ce `stack` ne ba, kai ka ɗauka haka. Hauwa, in tambayar rubutu ta fito, ki rubuta dokar da kika bi a saman amsarki, sannan ki tambayi mai koyar da ku ko `W` na tebur na sama yana aiki. Ki dawo mana da abin da ya ce.